Ka faɗa wa manhaja sau ɗaya: Hausa, kuma ta Damagaram

Ɗan kasuwar Magaria ko Dungass da ya liƙa wa ChatGPT takardar duwan da aka rubuta da Faransanci, sau da yawa da Faransancin za a amsa masa. Sai ya ce a maida Hausa, gobe ya sake faɗa. A ganina wannan wahalar banza ce, domin tun 2023 manhajar ke da gurbin umarni na dindindin.

A shiga Paramètres, sai Personnalisation, sai Instructions personnalisées. Sauya harshen maɓallan waya ba ya wadatarwa, a wannan gurbin ne magana ke zama.

Amma rubuta "Hausa" kawai bai isa ba. Hausar da ta fi yawa a intanet ta Najeriya ce, lissafinta kuma da naira. A nan kuwa dala ɗaya sefa 5 ce, wato mai cewa "ɗari" a kasuwa sefa 500 yake nufi. Manhajar da ba ta san haka ba za ta iya rage maka kuɗin kaya ninki biyar, da Hausa mai daɗi.

Saboda haka a rubuta: kullum a amsa mini da Hausa ko da na turo Faransanci, a sa kuɗi da lambobi tare da CFA, a bar sunayen takardun hukuma yadda suke.

Daga nan a buɗe sabuwar hira, a liƙa rasit na Faransanci. In amsar ta zo da Faransanci, a koma a duba ko an adana umarnin.