Koken Masu Ƙanƙara na Garin Daura Kan Wuta da Kuɗin Mai

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar.

 Mu talakawanka masu sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, daga Kusugu zuwa Tudun Wada da Sabon Gari, mun kawo kukanmu fada.

Ranka ya daɗe, wuta ɗaya muke buƙata, amma sau biyu muke biyan kuɗinta: mu saka wa mita kati, mu kuma zuba wa janareta fetur. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ƙaramin janareta da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga lita guda, wato yunit ɗaya ya kama kusan 500. Ko 'yan rukunin A, da aka sa musu 225 a Afrilun 2024 bisa alƙawarin awa 20 a rana, ba sa biyan rabin wannan.

Ga misalin ɗaya daga cikinmu mai firiza biyu. Yakan ware 10,000 na kati. A ciki ake cire harajin kashi 7.5 cikin ɗari, a kuma yanki wani abu da sunan tsohon bashin gidan, wanda ba a taɓa nuna masa lissafinsa ba. Sai a kawo wuta awa biyu a ɗauke. Ruwa bai daskare ba, amma mita ta ci nata. Wani lokacin wutar ba ƙarfi, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, injin firiza na gurnani ya kasa tashi. In ba a yi saurin kashewa ba ya ƙone. Dole ya tada janareta awa biyar, lita biyar ke nan, a farashin ƙarshen 2024 kwatankwacin rabin kuɗin katin ya tafi a dare guda. Da ya san ƙarfe nawa za a kawo, da ya cika firiza a kan lokaci, ya sayi man da zai ishe shi kawai. Yanzu kuwa lissafin duhu yake, musamman a bazara da watan azumi, lokacin da kasuwarmu ke ci.

Muna roƙon Sarki ya kira shugabannin kamfanin rarraba wuta, su fitar da jadawalin kowace unguwa a liƙa a ƙofar mai unguwa, ko da awa huɗu ce, in dai a jere take. A gaya wa kowane layi rukuninsa da awannin da ya kamata ya samu. Wanda ake bi bashi kuma a ba shi a rubuce: nawa ne, nawa aka cire, nawa ya rage.



Talakawanka,
Masu sana'ar ƙanƙara na garin Daura.