"Ka sabunta burauzarka": Da me za a sabunta?

Babu saƙon da ke ƙona min rai a fuskar waya kamar wanda ke cewa burauzarka ta tsufa, ka sabunta ta. Sai ka shiga Play Store ka tarar babu maɓallin Update, sai Open kawai. Wato an ce ka shiga ɗaki alhali an kulle ƙofar an tafi da makulli. Wayar nan kuwa lafiyarta ƙalau, tana kira, tana riƙe caji, gilashinta bai ko tsage ba.

Mu ɗauki wayar da ke kan Android 6, irin waɗanda aka yi ta saya a 2016, har yanzu kuma suna hannun iyayenmu da ɗalibai. Chrome ɗinta ya tsaya cak a lamba 106 tun 2022, domin Google ya daina fitar wa wannan tsarin sabo. Mai Android 7 ya tsaya a 119. To laifin mai waya a ina yake?

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne maganar satifiket. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana nuna wa waya takardar shaida, ita kuma wayar sai ta duba jerin hukumomin da ta amince da sa hannunsu. Wannan jerin a cikin Android yake, tun daga kamfani. Let's Encrypt, wadda ke ba shafuka masu ɗimbin yawa satifiket kyauta, tana sa hannu da wani tushe mai suna ISRG Root X1, kuma duk wayar da ba ta kai Android 7.1.1 ba, ba ta san shi ba. An yi ta lallaɓa tsofaffin wayoyi da wata dabara har 2024, sannan aka janye ta. Daga nan mai Android 6 ya fara cin karo da jan gargaɗi a shafukan da jiya-jiya yake buɗewa. Da masu ƙera wayar sun turo gyara sau ɗaya tak, da ba a kai nan ba. Sun karɓi kuɗi, sun juya baya.

Kafin ka kai wa mai gyara, karanta ƙananan haruffan da ke ƙasan gargaɗin. Idan ka ga NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, fara duba kwanan wata da agogon wayar, musamman idan an cire batir, domin sau da yawa gyaran ke nan. Idan kuwa NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID ne a shafuka da yawa, to matsalar jerin nan ce. A nan ne wasu masu gyara suke cewa a kawo a yi mata filashin. Don Allah a daina cutar mutane! Filashin yakan mayar da wannan Android ɗin ne dai, da tsohon jerinsa, a ƙara maka da asarar hotuna da lambobi.

Mafita mafi dacewa ita ce Firefox, saboda ita da nata jerin take zuwa, ba ruwanta da na waya. Amma ita ma ta ja layi: daga lamba 144 a 2025 sai Android 8 zuwa sama, 143 ce ta ƙarshe ga masu 5 zuwa 7. Idan Play Store bai ba ka ba, ka ɗauko daga ma'ajiyar Mozilla kanta, archive.mozilla.org, kada ka karɓi wadda wani ya tura maka ta Xender, don ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Ka kuma sani ita ma ba a ƙara toshe mata ɓaraka, kuma gyaran a cikinta kaɗai yake, sauran manhajojin wayar suna nan da matsalarsu.

Opera Mini tana buɗe shafuka da yawa, tana kuma rage cin data, domin a tsarinta na matse data kwamfutocin kamfanin ne suke ɗauko shafin su turo maka. Ta yi don karanta labarai. Ni dai ba zan rubuta lambar katin banki ta hanyar da wani ke tsaye a tsakiya ba, kuma fom mai loda hoto yakan ƙi aiki a cikinta.

Idan dole ta sa za ka sayi wata waya, ko ta hannu ce, shiga Settings, sannan About phone, ka ga lambar da idonka. Kada ka karɓi ƙasa da Android 10, domin tun 2025 Chrome ya bar 8 da 9 a baya. Ku kuma masu gina shafukan makarantu da na neman aiki, ku ajiye tsohuwar waya ɗaya a ofis, ku gwada shafinku a kanta kafin ku ce jama'a su yi rajista.