Ba A Cinikin Biri A Sama

Magabata sun ce ba a cinikin biri a sama. Amma ga shi yau mutanen Kaduna, daga Kawo har Unguwar Rimi, suna tura kuɗinsu ga kantunan intanet waɗanda ba su taɓa taka ƙofarsu ba. Ni a nawa ra'ayin, kafin a biya ko sisi, a fara tambayar kantin shekarunsa, domin ita ce shaidar da ta fi wuyar ƙagawa.

A ce Baba ya ga wani shafi yana sayar da wayar dubu ɗari biyu a kan dubu tamanin, har ya rubuta wai tun 2015 yake ciniki. To, kowane adireshin shafi yana da ranar da aka yi masa rajista, kamar takardar haihuwa. Sai Baba ya shiga whois.com, ya rubuta adireshin, ya duba layin da aka rubuta "Registered On" ko "Creation Date". In ya tarar makonni uku ke nan da rajistar, magana ta ƙare, don wanda ya yi ƙarya a kan shekarunsa ba zai yi gaskiya a kan waya ba. In kuwa a Instagram kantin yake, wurin "About this account" yana nuna lokacin da aka buɗe shi.

Na sani wani zai ce ai Jumia da Konga ma sababbi ne a 2012. Gaskiya ne. Sabuntaka ba laifi ba ce, kuma ɗan damfara yana iya sayen tsohon adireshi. Saboda haka sai a dubi mazaunin kantin. In ya ce yana kan titin Ahmadu Bello, babu lambar shago, babu sunan gini, wannan ba adireshi ba ne, don titin nan ba gajere ba ne. Kuɗin Keke Napep kawai zai kai ƙanenka ya gano da idonsa. A buga lambar wayar, a ji ko mutum zai ɗauka. Kuma a lokacin tura kuɗi, banki yakan nuna sunan mai asusu. In ya saɓa da sunan kantin, a dakata, a nemi dalili.

Yabon masu saye da ake jerawa a shafin kuwa, shi na fi rainawa. Mai kanti ne ke da ikon gogewa da ƙarawa. In ka ga yabo hamsin cikin kwana biyu, kalmominsu iri ɗaya, babu ko mutum guda da ya yi ƙorafin jinkiri, to, hannu ɗaya ne ya rubuta su. Ko a kasuwar Sheikh Gumi babu ɗan kasuwar da ya gamsar da kowa.

In sabon kanti ya tsallake sauran binciken nan, a yi ciniki da shi, amma da sharaɗin sai kaya sun iso hannu, an buɗe kwali, an kunna wayar, sannan a biya.