Ra'ayinmu: Kwafin Saƙo Ya Fi Asarar Saƙo

Sakataren ƙungiyar manoma a Tsanyawa ya haɗa adireshin imel biyu a manhaja ɗaya, na ƙungiya da nasa na Gmail. Ya ja takardar kuɗin taki daga na ƙungiya zuwa nasa, sai ya tarar ta zama biyu, ɗaya nan ɗaya can. Wasu manhajojin haka suke yi da gangan, kuma da dalilinsu.

Ko da yake akwatunan biyu suna jere a fuskar kwamfuta ɗaya, kowanne yana kan sabar kamfaninsa. Ƙa'idar IMAP, wadda manhajoji ke karɓar wasiƙu da ita, tana da umarnin MOVE da aka ƙara a 2013, amma yana aiki ne tsakanin foldoji na asusu ɗaya kawai. Sabar ƙungiya ba ta da hanyar miƙa saƙo cikin akwatin Gmail ta wannan ƙa'ida. Dole manhajar ta sauko da saƙon da FETCH, ta ɗora shi can da APPEND, sannan ta dawo ta goge na asali.

A mataki na ukun nan haɗarin yake. Fayil mai megabayit 9 yakan kai kusan 12 a cikin imel, kuma sai an sauko da shi an sake ɗorawa. Idan sabis ya yanke ana tsaka da ɗorawa, ko akwatin Gmail ya cika gigabayit 15 ɗinsa na kyauta, manhajar da ta yi gaggawar gogewa za ta bar sakatare ba takarda ko ɗaya. Windows ma kwafi yake yi idan aka ja fayil daga kwamfuta zuwa filash, sai an danne Shift yake mayar da shi gaba ɗaya.

Masu ƙorafi su ma suna da hujja. Hannu ya saba cewa ja yana nufin ɗaukewa, domin haka yake a cikin asusu ɗaya. Kwafin da ba a sani ba yana cin wuri, kuma mai zaton ya kwashe takardar sirri daga akwatin da mutane da yawa ke buɗewa zai tafi ya bar ta a can.

Ra'ayinmu shi ne kwafi ya fi dacewa, domin saƙon da ya ninku ana iya goge ɗaya, wanda ya ɓace kuwa ba lallai ya dawo ba. Inda masu manhaja suka gaza shi ne rashin faɗa wa mutum ƙarara abin da suka yi. Kafin su gyara, wanda ya ja saƙo ya buɗe shi a sabon akwatin ta burauza, ya tabbatar fayil ɗin da ke haɗe yana buɗewa, sannan ya goge na farko da hannunsa.