Waiwaye: Warin Gas da Hannun da Ke Zuwa Makunni

Iyayenmu mata sun san wutar itace ciki da waje. Da ganin launin hayaƙi sun san ko icen ɗanye ne, da jin ƙarar tukunya sun san ko a rage wuta. Tukunyar gas kuwa ta shigo gidajenmu cikin 'yan shekarun nan ne, da kananzir ya yi tsada, itace da gawayi suka bi sahu, kuma ta shigo ba tare da wanda ya zaunar da mu ya faɗa mana halinta ba. An koya mana murɗawa da kunnawa, sai dai ba a koya mana abin yi a ranar da ta yi yoyo ba.

Gas ɗin girki, wanda haɗin furofen da butan ne, asalinsa ba shi da wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da muke ji da gangan ake zuba shi, wani sinadari ne da ake kira etil makaftan, kuma da rayukan mutane aka koyi zuba shi. A ranar 18 ga Maris, 1937, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta a garin New London na jihar Texas ta Amurka, babu wanda ya sani. Da rana wani malami ya kunna injin goge katako mai aiki da lantarki, ginin ya tashi, ɗalibai da malamai kusan 300 suka mutu. Bayan haka jihar ta kafa dokar sanya wari a gas, wasu wurare suka bi. Ana zuba sinadarin ne yadda hanci zai kama shi tun gas ɗin bai kai yawan da zai kama da wuta ba. Ke nan wanda ya ji wari an ba shi ɗan lokaci, saura yadda zai yi da shi.

Na ga yadda aka yi da irin wannan lokaci a gidan yayata, wani hunturu da na sauka wurinsu a Zariya. Sanyi ya sa an rufe ko'ina, har tagar kicin an toshe ta da kwali saboda ƙura. Gab da kiran sallar asuba 'yarta ta tashi za ta ɗora ruwan zafi, ga shi an ɗauke wuta tun dare. Tana tura ƙofar kicin wari ya buge ta. Da ashana a hannunta, amma Allah ya taimaka ba ta ƙyasta ba, sai ta ɗaga murya: "Umma, ki zo, gas na wari!"

Mijin yayar tawa ne ya riga kowa isa. Ya daɗe yana aikin wayarin, ya san abin da tartsatsi ke yi. Yana zuwa ya tarar hannun matarsa ya miƙa bango yana lalubar makunnin fitila, ita ma ba ta san ta miƙa ba, sabo ne kawai. Ya riƙe hannun ya ce, "Hajiya, kar ki taɓa komai. Ki kwashe yara ku fita ƙofar gida, ki ce wa maƙwabta kada kowa ya hura wuta ko ya tada janareta." Ni kuma ya ce, "Ƙanena, je ka wajen mita ka kashe babban makunni, kada su kawo wuta firiji ya tashi." Mitar tana can jikin katangar waje, nesa da kicin, inda babu wari ko kaɗan, shi ya sa ya aike ni. Da a cikin gidan take, da ba a taɓa ta ba.

Shi kuwa ya koma tsakar gida ya kunna tocila a sarari, ya ja numfashi, sannan ya shiga da ita a kunne. Ya murɗe regiletar da ke kan tukunyar ya rufe, ya cire kwalin taga, ya buɗe ta, ya buɗe ƙofar baya da ta gaba har ƙarshe, ya fito. Duka bai fi minti ɗaya ba. Muka zauna a waje cikin sanyi, aka yi sallah, gari ya waye, rana ta ɗaga, ba wanda ya koma ciki.

A zaman nan ne ya yi mana bayanin da har yau nake ganin kowane mai tukunyar gas ya kamata ya ji. Gas ba ya kamawa sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, wato daga kusan kashi 2 cikin ɗari zuwa kusan kashi 10. Kashi 2 ba wani abu ba ne. Kilo ɗaya na gas, idan ya fita daga tukunya ya zama iska, yana kai lita 400 zuwa 500. Kicin irin na yayata, mita 2 a faɗi, 3 a tsawo, 3 zuwa rufi, yana ɗaukar iska lita 18,000, kashi 2 na wannan kuwa lita 360 ne. Abin da bai kai kilo ɗaya ba, daga tukunya mai kilo 12.5, ya isa ya mai da ɗakin gaba ɗaya abin da tartsatsi guda zai tayar.

A gaskiya ma ba ya buƙatar ya kai haka, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba ya tashi sama ya bi taga. Yana gangarawa ne kamar ruwa, ya kwanta a ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya shiga kwata da duk wani rami. Mutum yana tsaye zai ji warin sama-sama ya ce ai kaɗan ne, alhali daga gwiwarsa zuwa ƙasa ya riga ya kai maƙura. Yaron da ke kwance a tabarma ya fi uban da ke tsaye shaƙarsa. Injin firiji kuma, da 'yar na'urar da ke tada shi, a can ƙasa suke ta baya, daidai inda gas ɗin ya taru, kuma firiji ba ya neman izinin kowa kafin ya tashi.

Maganar makunni ce mutane suka fi yi wa gardama. Wani zai ce to kunnawa na ji, amma kashewa fa, ai kariya ce. Ba kariya ba ce. A cikin kowane makunni akwai ƙarafa biyu da ke haɗuwa su rabu, kuma a daidai rabuwar wutar takan yi tsalle tsakaninsu ta ba da ɗan tartsatsi. Duk wanda ya taɓa zare fulogin dutsen guga cikin duhu ya ga shuɗin hasken nan. Makunnin bangonmu ba a rufe yake ruf ba, iskar ɗaki tana shiga cikinsa, in da gas a iskar shi ma yana ciki. Abin da gas ke buƙata don ya kama bai kai ko wannan ƙyas ɗin da mutum ke ji a yatsa ba idan ya cire rigar leda da hunturu ya taɓa ƙarfe. Saboda haka abin da ke kunne a bar shi a kunne, abin da ke kashe a bar shi a kashe. Ba a zare fulogi, ba a danna ƙararrawar ƙofa, ba a kunna tocila a cikin ɗakin, waya ma a bari sai an fita. Ashana da leta da taba da kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, waɗannan ba sai an faɗa ba, amma a tuna da su idan suna ɗakin da ke kusa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne fanka, domin mai kunna ta alheri yake nufi, so yake ya kore wari. Idan gas ya yi yawa ƙwarai har ya wuce kashi 10, ba zai kama ba saboda iska ta yi masa kaɗan. Da an buɗe ƙofa iska ta fara shiga, yawansa zai riƙa sauka, kuma dole ya ratsa ta tsakanin 10 da 2 kafin ya kai inda babu haɗari. Wato lokacin da ake shan iskar ɗakin, wanda kowa ke ganin an tsira, yana iya zama lokacin da ya fi kowane haɗari. A bar ƙofofi da tagogi su yi aikin da kansu, komai jinkirinsu.

Hanci ma yana gajiya. Wanda ya daɗe cikin warin yakan daina jin sa, ya ɗauka ya tafi. Shi ya sa da lokacin komawa ya yi, maigidan bai yarda da nasa hancin ba, ya kira wani maƙwabci da bai shiga gidan ba tun farko ya ce, "Malam, don Allah shiga ka durƙusa ka sunsuna mana ƙasa, har bayan firiji da bakin kwata." Sai da ya ce babu komai aka mai da wuta.

Daga nan aka fito da tukunyar da murhun tsakar gida don neman inda ya ɓaci. An kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, aka buɗe regileta, aka bi da soso ana shafawa: bakin tukunya, wuyan regileta, tsawon tiyo, har inda ya shiga murhu. A nan kusa da murhun kumfar ta fara kumbura tana fashewa. Zafin girki da maiƙo sun busar da robar ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, ga shi an kwana da regileta a buɗe, murhu kawai aka kashe. Haka yawancin yoyo yake: tiyon da ya tsufa ko ɓera ya ci, maɗaurin bakinsa da ya saki, 'yar robar cikin bakin tukunya da ta lalace, ko miya ta tafaso ta kashe wuta gas yana ta fita. Akwai masu gwada yoyo da ashana, suna bin tiyo da harshen wuta. Ina roƙon duk wanda ya ga ana haka ya hana, ko mai sayar da gas ne da kansa. Tiyon da ya tsage kuma ba a naɗe shi da salatif ko leda, sabo ake saya, na gas, ba na ban ruwa ba, a ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe. Tun ranar yayata ta mai da rufe regileta aikin ƙarshe kafin kwanciya, tare da kulle ƙofa.

Akwai yoyon da rufewa ba ta tsai da shi, wanda ke fitowa daga bakin tukunyar kanta ko daga gindinta da tsatsa ta ci. Ƙananan tukwane masu kilo 3 da 6, waɗanda ake ɗaura murhu a kansu, sukan yi haka idan robar bakinsu ta mutu. Alamarsa huci da ba ya tsayawa, wani lokaci har jikin ƙarfen ya yi raɓa ko ya yi fari don sanyi. Idan yoyon kaɗan ne, a ɗauke ta a tsaye, ba jan ta a siminti ba, ba kwantar da ita ba, domin in ta kwanta ruwan gas ne zai fito, shi kuwa yana kumbura kusan ninki 250 idan ya zama iska. A kai ta fili, nesa da murhun maƙwabta da janareta da bakin kwata, a hana yara da masu babura matsowa. Idan hucin ya yi ƙarfi, ko wuta ta riga ta kama ba a iya kai hannu wurin rufewa, a bar ta inda take, kowa ya fita ya yi nisa, a kira 'yan kwana-kwana daga waje: 112 a Najeriya, 18 a Nijar.