Rubutu a Kan Abotar da Ta Dushe

Da sunan Allah muke farawa.

A aikinmu na magatakarda a zauren maigida, nan Kumasi, mun rubuta takardun aure, da na sulhu, da na gado. Amma ba mu ga wadda ta kai wuyar takardar da mutum zai yi a kan aminin da suka rabu ba tare da faɗa ba. Ra'ayinmu shi ne, irin wannan rubutu yana iya zama gaskiya tsantsa ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba, matuƙar marubuci ya tsare alƙalaminsa a wurare uku.

Bara wani dattijo ya zo mana. Labari ya iso masa cewa abokin ƙuruciyarsa ya rasu a Kano, yana son mu rubuta wa 'ya'yan mamacin ta'aziyya. Tare suka yi karatun allo, tare suka fara cinikin goro. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Ghana. Iyayen abokin suka tashi da shi, shi kuwa dattijon namu ya zauna. Wasiƙu suka yi ta zuwa ta hannun direbobin motocin goro, daga baya suka koma daga salla sai salla, sannan shiru.

Abin da ya fara shibta mana shi ne: "Tun da ya samu arziki ya daina rubuto mini." Nan ne wuri na farko. Jimlar ta naɗa mutum ɗaya mai aikatawa, ta kuma ba shi dalilin da ba wanda ya shaida. Muka tambaye shi, wa ya aika wasiƙar ƙarshe? Ya yi shiru, ya ce bai tuna ba. To, abin da ba a tuna ba, ba a yanke hukunci da shi. Hausa kuwa ta ba mu mafita, sai muka rubuta: "Wasiƙu suka ragu a tsakaninmu, har zamani ya yi nisa." Ba a ɓoye komai ba, ba a kuma ƙirƙiri komai ba.

Wuri na biyu ya fi ɓuya, wato zargin da ke sanye da rigar kirki. Dattijon ya ce mu sa: "Ni dai na yi iyakar ƙoƙarina, kuma na yafe masa." Duk ɗan da ya karanta wannan zai gane an ce mahaifinsa bai yi ƙoƙari ba, domin ba a yafe wa wanda bai yi laifi ba. Wannan habaici ne, ko da mai shi bai nufa ba. Muka mayar da shi: "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Idan an ce zumunta a ƙafa take, a tuna ƙafafun nan huɗu ne, biyu a Kumasi, biyu a Kano.

Wuri na uku shi ne kifar da laifin duka a kan kai. Da dattijon ya ga mun cire zargi, sai ya ce to a rubuta shi ne ya yi sakaci. Wannan ma muka ƙi. Yana jawo hankalin masu makoki daga mamacinsu zuwa lallashin mai rai, kuma shi ma hukunci ne ba shaida. A madadinsa muka roƙe shi ya ba mu abu ɗaya da ya gani da idonsa. Ya ce ranar da huhun goronsa ya lalace, abokin ya raba ribarsa biyu ya ba shi rabi. Wannan ya zama zuciyar takardar.

Wani zai ce wannan rufa-rufa ce. Muna amsawa da cewa akwai bambanci tsakanin gaba da nisa. Gaba ita ce hadisi ya hana ta wuce kwana uku, inda mutum biyu za su haɗu kowa ya kau da kai. Nisa kuwa hanya ce da iyali da neman abinci suke haifarwa. Inda aka ci amana, ko aka danne bashi, ba ma cewa a kira shi dushewa. Wannan maganar zauren sulhu ce, ba ta shafin da duniya ke karantawa ba.

Ma'auninmu ɗaya ne kafin takarda ta fita: mu musanya sunayen biyu, mu sake karantawa. Idan mai takardar zai yarda a karanta wa 'ya'yansa ita haka bayan ransa, ta yi. Idan ya ji ɗaci, akwai sauran gyara, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bayan mako biyu babban ɗan mamacin ya kira dattijon. Ya ce mahaifinsu ya sha ba su labarin huhun goron nan, sai dai a bakinsa, shi ne aka raba wa ribar.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu ƙarshen.