Gonar Tama ba ta shiga waya: abin da NFT ke shaidawa da abin da ba ya shaidawa

Wani ƙanena da ke neman kuɗi a Abijan ya zo gida Tama ganin dangi. Muna zaune wajen mai shayi ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, zamanin rigimar gona ya ƙare. Yanzu sai a mayar da gona NFT, a rubuta sunan mai ita a bulokcen, ba maigari, ba alƙali, ba mai iya gogewa." Na tambaye shi wa zai shaida wa bulokcen ɗin cewa gonar ta mai rubutawar ce tun farko. Ya ce ai na'ura ba ta ƙarya. Na yarda na'ura ba ta ƙarya, amma duk ƙaryar da aka ba ta za ta adana ta da aminci har abada. Masu tallan NFT da sunan "shaidar mallaka" wannan wurin suke tsallakewa, kuma wanda ya saya bai gane shi ba ya yi cinikin biri a sama.

Bari mu fara da abin da NFT yake. Bulokcen, irin na Ethereum, littafi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, shi ya sa mutum ɗaya ba ya iya canja abin da aka riga aka rubuta. A cikin littafin kowa na iya buɗe nasa shafi, wato ɗan shirin da ke jera lambobi, kowace lamba da adireshin asusun da ke riƙe da ita. Lamba guda a irin wannan shafi ita ce NFT. Ƙa'idar da aka fi bi, ERC-721, an gabatar da ita a 2018, kuma manyan tambayoyin da mai saye zai yi wa shafin biyu ne:

```
ownerOf(7)
tokenURI(7)
```

Ta farko tana ba ka adireshin asusun da ke riƙe da lamba 7, jerin haruffa da alƙaluma 42 da ke farawa da 0x. Ba suna a ciki, ba gari, ba katin ɗan ƙasa. Ta biyu tana ba ka mahaɗin da zai kai ka wani wuri a intanet inda aka ajiye sunan abin, bayaninsa da hotonsa. Galibi hoton kansa ba ya cikin bulokcen, don ajiya a can tana da tsada.

To me NFT ke shaidawa? Yana shaida cewa a wannan shafin, lamba kaza tana hannun asusu kaza, cewa ta baro wane asusu a rana kaza, kuma wanda ya tura ta ya yi amfani da makullin asusun ko da izinin da makullin ya bayar. Wannan shaida ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amma iyakarta ke nan. Mallakar lambar ta tabbata. Mallakar abin da lambar ke nunawa wata magana ce daban.

Mu ɗauki misali a gida. A ƙaddara wani dattijo a Tama ya rasu ya bar gonar albasa a fadama, da ƴaƴa biyar, ba a raba gado ba. Kafin rasuwarsa ya jinginar da rabin gonar ga maƙwabcinsa a kan jika 200. Ɗaya daga cikin ƴaƴan ya ɗauki hoton gonar da waya, ya haɗa da alƙaluman wurin na taswira, ya rubuta "gonata ce, eka kaza," ya biya ɗan kuɗin rajistar bulokcen, ya fitar da lamba 7. Ba wanda ya tambaye shi takarda, don shirin ba shi da inda ake tambaya. Ya sayar wa wani ɗan ci-rani a Legas a kan jika 500. Littafin ya rubuta cinikin daidai, ba kuskure ko ɗaya.

Lokacin dashen albasa mai saye ya iso Tama da wayarsa. Ya tarar maƙwabci na cikin rabin gonar, kuma ba zai fita ba sai an mayar masa da jika 200 ɗinsa. Magada huɗu sun ce ba su san da wani ciniki ba. Ya nuna musu ownerOf(7), adireshinsa ne ƙuru-ƙuru. Me ya saya? Lamba 7. Ƙari a kan haka, ba abin da ya hana wanda ya sayar masa ya buɗe wani shafin gobe, ya sa hoton gonar nan dai, ya sayar wa mutum na biyu a Agadas. Kowace lamba ita kaɗai ce a shafinta, amma shafuka ba su da iyaka.

Kwatanta wannan da yadda dokar Nijar ta tsara lamarin. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, mai lamba 93-015, ta amince da mallakar ƙasa ta gargajiya, ta kuma kafa hukumomin filaye, waɗanda a yau ake da su a matakin ƙauye, da na gunduma, da na dafartama irin su Buza, Madawa da Keita. Ta ƙauye ita ce Cofob, maigari ne shugabanta. Takardun da ake bayarwa ba iri ɗaya ba ne: ta sayarwa daban, ta kyauta daban, ta aro, ta haya, ta jingina, da ta riƙon gargajiya. Wannan rarrabewa ita ce zuciyar maganar, domin wanda ke cikin gona ba lallai ne mai gona ba. Ƙarfin takardar kuma ba daga tawada yake ba. Daga shaidu yake, da maƙwabtan da suka san iyaka, da maigarin da ya san an raba gado ko ba a raba ba, da kotun da za ta karɓi takardar in rigima ta tashi. NFT ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan.

Wani zai ce wannan misalin ƙirƙira ne. To ga waɗanda suka faru. A Janairun 2022 kasuwar OpenSea, wadda ta fi kowace girma a lokacin, ta faɗa da bakinta cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na abubuwan da aka fitar da kayan aikinta na kyauta, ko dai aikin wasu ne aka sata, ko jabu, ko tarkace. Masu zane da yawa sun wayi gari sun ga ana cinikin aikinsu ba su sani ba. Littafin ya rubuta wanda ya fara fitar da lambar, bai rubuta wanda ya zana hoton ba.

Na biyu daga Kwango. Akwai wani sassaƙen itace da ƙabilar Pende suka yi bayan tawayensu na 1931, mai siffar jami'in mulkin mallakar Beljiyam Maximilien Balot. Yana gidan kayan tarihin Virginia a birnin Richmond na Amurka. A 2022 ƙungiyar masu fasaha ta ma'aikatan gandu a Lusanga, CATPC, ta fitar da NFT kimanin 300 na sassaƙen, gidan tarihin kuma ya yi ƙorafin an ɗauki hotunansa ba izini. Ina tare da mutanen Lusanga a ƙorafinsu, kayan kakanninsu ne. Amma a duba abin da ya faru: lambobin sun fita, sassaƙen bai motsa daga Richmond ba. Da ya je Lusanga a 2024, aro gidan tarihin ya bayar, bisa yarjejeniya tsakanin mutane. Lambar ta tara kuɗi, ta jawo hankalin duniya, amma ba ta mayar da mallaka ba.

Na uku ya shafi makulli. A Mayun 2022 aka yaudari ɗan wasan Amurka Seth Green ya amince da wata buƙata a shafin bogi, aka kwashe masa NFT huɗu, har da hoton birin da yake shirin gina wasan talabijin a kansa. Ɓarawon ya sayar wa wani. A idon littafin ba a yi sata ba, an yi tura ne kawai kamar kowace tura. Sai da ya biya maƙudan kuɗi ya sake sayen abinsa. A Tama in an sace maka takardar gona, gari ya san gonarka ce. A bulokcen wanda ya riƙe makulli shi ne mai lamba, ko ɓarawo ne. In kuma mai makulli ya rasu bai faɗa wa kowa kalmomin sirrinsa ba, ba alƙalin da zai iya raba wa magada.

Har hoton ma ba shi da tabbas. Da kamfanin FTX ya durƙushe a Nuwamban 2022, NFT da aka ajiye bayanansu a kwamfutocinsa suka daina nuna hoto. Lambobin na nan, masu su na nan, mahaɗin ne ya daina kaiwa inda ya saba.

Masu kare NFT suna da hujja ɗaya mai nauyi: takardun filaye ana jabunsu, suna ɓata, ana sayar da gona ɗaya sau biyu, ana samun son kai. Gaskiya ne, kuma mun gani. Suna cewa in hukuma da kanta ta fitar da lambobin, doka ta amince da su, matsalar ta kau. Amma a lura, a wannan halin mallakar daga hukumar da dokar ta fito, bulokcen ya zama akwatin ajiyar rajista kawai. Ranar da kotu ta ce gonar ta marayu ce, ko dai hukuma na da ikon gyara littafin, wanda ya rushe taken "ba mai iya gogewa," ko ba ta da shi, littafin ya ci gaba da faɗin abin da ba haka yake ba.

Saboda haka duk wanda aka kawo wa NFT ya yi tambaya huɗu kafin ya taɓa aljihu. Shin adireshin shafin shi ne wanda mai aikin ya sanar da bakinsa? Me tokenURI ke nunawa: in ya fara da https:// to hoton na kwamfutar wani ne, zai iya canja shi ko kashe shi, in ya fara da ipfs:// canja shi a ɓoye ya fi wuya, amma sai wani ya ci gaba da ajiye shi. Ina rubutacciyar yarjejeniyar da ta ce me aka ba ka, kallo kawai, ko izinin bugawa a riga ka sayar? Sannan in an hana ka abin, gaban wa za ka kai ƙara, kuma zai karɓi lambar a matsayin hujja?

Ƙanen nawa ya ce na cika tsohon yayi. Na ce masa ya sayi lambarsa in yana sha'awa, kuɗinsa ne. Amma ranar da zai sayi gona a Tama, ya tara magada, ya kira maƙwabtan iyaka, ya je gaban maigari a rubuta takarda.